Ƙanƙara a Kwalbar Penta

Gaya, farkon Afrilu

Zuwa ga Gwaggo Zuhura,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da duk wanda ya san ni a Yamai. Yaya gwiwar? Ni lafiya lau, sai zafi. Na ɗauka na san zafi a Dogonduci, ashe na Gaya da gumi yake zuwa, mutum ya fito wanka ya nemi wani wankan.

Kin ce in daina aiko miki da saƙon murya, tunda numfashina kawai kike ji a ciki. Shi ya sa na rubuto. Siddo direban kar, babbar motar fasinja, zai kawo miki, ya ce gidanku a kan hanyarsa yake.

Na fara sitaj, wato aikin koyo na ƙarshen karatu, a ƙaramin asibitin da kika nema mini, a ɗakin rigakafi. Shugabarmu Bara'atu ce, ana ce mata Majo, wato babbar ma'aikaciyar jinya. Doguwa ce, ba ta ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin ta zauna ba sai in za ta sa hannu. Ranar farko ta ce, "Ke ce ɗiyar Zuhura?" Na ce ɗiyar ɗan kawunta ce. Ta ce, "Nisa bai hana ta dame ni da waya ba." Akwai kuma Malam Alfari, shi ke yin allura, shi ke fita ƙauyuka. Ya raɗa mini suna Malama Shiru.

Aikina yanzu awon jarirai, cika karne, wato katin rigakafin yara, da duba sanyin firigo safe da yamma. Dole ya tsaya tsakanin digiri biyu da takwas. In an ɗauke wuta kowa kallon firigon yake yi, ba a ko tuna fanka.

Wata uku ne. In Majo ta sa hannu a takardar kammalawa, lakwal, makarantarmu, za ta ba ni diflom ɗina. In ba ta sa ba, kin san sauran.

Ɗiyarki, Nuriya

Yamai, Afrilu

Ɗiyata Nuriya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ta fi wasu dangin riƙon zumunci, kullum sai ta gaishe ni.

Na ji daɗin wasiƙarki. Ashe akwai mutum a cikin wannan shirun. Da a takarda ake zaman duniya da kin yi minista.

Bara'atu tare muka zauna a lise, babbar sakandare. Ba ta da mugunta, amma ba ta mantuwa, wanda a wurin ma'aikaci kusan duk ɗaya ne. Ga shawarata, kyauta: ki buɗe ido, ki rufe baki. 'Yan sitaj da na gani a ofishinmu iri biyu ne, masu surutu da waɗanda ake ɗauka aiki. Kada ki dame ta. Na yi amfani da sunana na samo miki wurin nan, kuma suna ɗaya gare ni, ba ni da na canji.

Innarki ta kira ni daga tashar Dogonduci, ina jin ana cinikin zoɓo a bayanta. Ta riga ta gaya wa duk mai sayen ƙanƙara cewa ɗiyarta likita ce. Ki yi ƙoƙari kada mu ƙaryata ta da yawa.

Gwaggonki, Zuhura

Gaya, Juma'a

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki ƙalau. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Jiya Alhamis aka tura mu fita rigakafi wani ƙauyen masunta a bakin kogi, ni da Malam Alfari. Babur ɗinsa ya yi faci, ya makara. Majo tana tsakiyar karɓar haihuwa, ta leƙo ta ce, "Nuriya, shirya akwatin sanyi. Kin iya ko?" Na ce e. Ban taɓa shiryawa ba, ban ma taɓa tsayawa na ga ana yi ba, don lokacin ina wajen awo. Amma hannunta duk jini, ga mace tana nishi, ga maganarki cewa kada in dame ta. Kuma gaskiya na ɗauka na iya. Tun ina 'yar shekara tara nake shirya wa Inna akwatin zoɓo.

Akwatin rigakafi ɗan ƙarami ne mai madauri. Ana jera gorunan roba masu faɗi a bangonsa huɗu, ruwa ne a cikinsu da aka daskarar. Na ciro su daga firigon ƙanƙara fari fat, suna kama yatsa, na ji daɗi. Inna takan ce ƙanƙarar da ta fara zufa asara ce. Na jera su nan take. Na fitar da kwalaben allura daga kwalinsu, na manna su jikin gorunan sosai don kada zafin hanya ya taɓa su. Har alfahari na yi a raina.

Muka yi tafiya a babur, muka shiga kwalekwale. Mata sun taru a gindin mangwaro. Ni ke miƙa kwalba ina cika karne, Malam Alfari na yin allura: Penta a cinya, wadda ke kare jariri daga cututtuka biyar, Pinemo ta ciwon haƙarƙari a ɗaya cinyar, tetanos ga masu ciki. Yara sun fi ashirin. Wajen azahar na zura hannu ƙasan akwatin na ciro kwalbar Penta, sai na ga ruwan ciki ba ya motsi. Ƙanƙara ce. Na dunƙule ta a tafina har ta narke, na mayar. Na ci gaba da miƙa kwalabe kamar ba abin da ya faru. Waɗanda na miƙa tun safe ban duba su ba, kuma a wannan zafin 'yar kwalba takan narke kafin a gama rubuta sunan yaro.

Da muka dawo na zuba ragowar kwalaben a kwandon da ke cikin firigo, wanda ake fara amfani da shi a zama na gaba. Da na ɗago kai sai ga hoton da ke manne a bango, wanda nake share wa ƙura kowace safiya. An zana kwalaben da daskarewa ke kashewa. Penta ce ta farko. An koya mana a lakwal, Gwaggo. Na ma ci tambayar a jarrabawa.

Zama na gaba ranar Talata ne, ranar da matan gari ke cika benci. Ba wanda ya sani. Kwalaben sun narke, ba su da bambanci da sauran a ido. Ɗan tambarin da ke jikinsu zafi kawai yake nunawa, yana nan fari tas.

In na faɗa, ina jin sitaj ya ƙare, da sunanki a ciki. Ki gaya mini abin da zan yi. Siddo zai juyo Lahadi.

Nuriya

Gaya, Laraba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Siddo ya zo Lahadi hannu wofi. Na kira wayarki ranar Litinin, ta yi ta ƙara, na kashe kafin ki ɗauka ko kafin ki ƙi ɗauka, ban sani ba. Na gane. Kin ce suna ɗaya gare ki.

Jiya na faɗa. Ba jarumta ba ce. Na kai har safiyar Talata ban yanke shawara ba. Mata sun cika benci, Malam Alfari ya buɗe firigo ya ɗauko kwandon, ya ce, "Malama Shiru, kira ta farko." Ta farkon wata yarinya ce da ba ta kai ni shekaru ba, ta riga ta kwance goyo tana tuɓe wa jaririn wando. Sai na ji na riƙe kwandon. Ya ja, na ja. Ya ce, "Yau kuma dambe za mu yi?"

Majo ta shigo. Na ce, "Majo, sun daskare." Sai da ta sa na maimaita, don ba ta ji ba. Ta rufe ƙofa. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta ce, "Waɗanne? Yaushe? Nuna mini yadda kika shirya." Na ɗauko gorunan na nuna mata. Ta ce, "Kin gani da idonki?" Na ce ɗaya. "Wacce?" Na ce na mayar da ita cikin sauran. Nan ne ta dube ni, ta ɗan daɗe.

Ta zuba kwandon duka a leda ta rubuta kada a taɓa, ta mayar firigo a gefe. Abin da ya rage wanda bai yi tafiya ba bai kai rabin matan ba. Ita da kanta ta fita ta sallami sauran. Wata ta ce tun daga hanyar Kamba ta biya kabukabu. Majo ta ce, "Na sani, Hajiya. Ki yi haƙuri." Ina tsaye a bayanta kamar turmi.

Sannan ta ɗauki kwalba ɗaya lafiyayya daga kowane iri, mai lambar rukuni ɗaya da waɗanda na ɓata, ta rubuta musu "daskararriya", ta jefa su firigon ƙanƙara da gangan su kwana. Na ce, "Majo, su ma za su lalace." Ta ce, "E. Ki sa su a lissafinki."

Yau da safe ta fito da su suka narke. Ta kira ni bakin taga inda haske yake. Ta haɗa wadda ta daskarar da gangan da ɗaya daga cikin nawa a hannu guda, ta girgiza su tare, ta ajiye a kan tebur. Ta ce in durƙusa in sa ido. Lafiyayyar allura in an girgiza ta takan zauna gauraye kamar nono da ruwa, ta daɗe ba ta kwanta ba. Wadda ta taɓa daskarewa kuwa nan da nan take rabuwa, gari-gari ya sauka ƙasa, sama ya washe. In tawa ta kwanta daidai da daskararriyar, ta mutu. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ita ke girgizawa da farko, daga baya ta miƙo mini. Ta ce, "Faɗi da bakinki." Ni ke cewa ta mutu, ta mutu, wannan da rai, ta mutu. Waɗanda suka tsira su ne na tsakiyar akwati, da ba su sami wurin jingina da gora ba. Allurar shan inna ta cinya, wadda ita ma ke cikin akwatin, ba a iya gwada ta haka, duka aka fitar.

Na tambaye ta ko na cuci yaran ƙauyen. Ta ce ba guba ba ce. Wani cinyarsa za ta kumbura. Babbar cutar ita ce uwa tana riƙe da karne da ya ce ɗanta ya tsira, alhali ruwa aka tsira masa. Tunda ba mu san wa ya sami mai rai ba, duka za a sake.

Ta kira babban likitan distirik, wato gundumarmu, a gabana, ta rubuta rahoto. Ba ta ce in tafi ba, ba ta ce in zauna ba. Ta mayar da ni wajen awo. Na ninke kayana dai.

Ki yafe mini.

Nuriya

Yamai, ƙarshen Afrilu

Nuriya,

Muna lafiya, gwiwa tana gaishe ki.

Wasiƙunki biyu tare suka iso jiya. Ta farkon ta yi mako tana yawo tsakanin Gaya da Yamai a bayan madubin Siddo, tare da rasit ɗin mai. Da na yi masa magana ya ce ai takarda ba ta ruɓewa. Ranar Litinin kuwa ina cikin taron bita, inda mutum arba'in suka kashe ƙarar wayoyinsu don a koya musu muhimmancin sadarwa. Na ga kiranki da yamma, na kira, wayarki a rufe. Na ce yarinya ta sami abin yi.

To, kin zauna kin fassara shiruna, kin yi mini fushi a madadina, kin yanke wa kanki hukunci, har kin ninke kaya. Kin rage wa kowa aiki.

Da na ce ki rufe baki, gulmar ma'aikata nake nufi, wa ke neman wa, wa ya sayi fili. Ban ce in an tambaye ki kin iya ki ce e ba. Amma na sake juya abin da na rubuta a raina, kuma da ni ce mai shekara ashirin da biyu da ke tsoron inuwarta, wataƙila haka zan ji shi. Mu manya muna son ba da shawara gajera don ta yi daɗin faɗi.

Da wasiƙar ta zo a kan lokaci me zan ce miki? Ina so in yarda cewa zan ce ki je ki faɗa tun ranar Asabar. Allah ya hutar da ni gwajin, ke ya ba.

Ban kira Bara'atu ba, kuma ba zan kira ba. Roƙo yana ƙara mata tauri, kamar ƙwai a ruwan zafi. Amma ga wata hanya. Wata ƙawata tana da ofis a nan, ƙungiya ce ta lafiyar uwa da yara, suna neman mai shigar da alƙaluma a ordinater, wato kwamfuta. Akwai sanyin na'ura, kuma ba abin da ke mutuwa in ya yi yawa. Za a iya mayar da sitaj ɗinki can. Ki zo ki zauna wurina, ɗakin ɗiyata Firdausi babu kowa tunda ta tafi jami'a. Innarki ba sai ta ji komai ba, likita a Yamai ma ya fi daɗin faɗi a tasha.

Ki ba ni amsa da wuri, ba ta bayan madubi ba.

Gwaggonki

Gaya, ƙarshen Mayu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni na ɗan yi zazzaɓi, ya sauka. An yi ruwan farko, gari ya yi laka, zafin bai san an yi ba. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Ban so in rubuto ba sai na san abin da zan ce.

Distirik sun ce a bar mako huɗu kafin a sake wa yaran. A cikin makonnin nan Majo ba ta yi mini maganar ba ko sau ɗaya. Amma duk ranar fita takan ce in zo tun bayan asuba. Mu fito da gorunan mu shimfiɗa su a tebur, kowace da tazara, mu jira. Farin jikinsu ya narke, su fara zufa. Sai ta ɗauki ɗaya ta girgiza a kunnena. In ba a ji komai ba, a mayar tebur. In an ji ruwa na motsi, ƙanƙarar tana kaiwa da komowa a ciki, ta yi, a goge ta a jera. Kwalabe kuma a cikin kwalinsu ko leda, a tsakiya, kada su taɓa gora, soso a sama. Ranar farko na ce mata Inna za ta yi kuka in ta ga ana barin ƙanƙara tana zufa da gangan. Ta ce, "Innarki tana da gaskiya a kan zoɓo."

Malam Alfari ne ya gaya mini abin da ke cikin rahoton. Ta rubuta cewa 'yar sitaj ta shirya akwati ba daidai ba, ta kuma bayyana da kanta kafin a yi amfani da ragowar. A ƙasa ta rubuta cewa shugabar asibiti ta ba da aikin ba tare da ta taɓa nuna shi ba. An kira ta distirik, ta yini a can. Da ta dawo na je in yi mata godiya, ta ce, "Ba don ke na rubuta ba, haka aka yi. Daga yau in na ce kin iya, ki ce in nuna miki ko ki nuna mini. Kalmar e ba ta da amfani a ɗakin nan."

Ranar Alhamis da ta wuce muka koma ƙauyen, har da ita. A cikin kwalekwale ta ce ni zan yi bayani. Na ce Majo, ba na jin Dendi. Ta ce suna jin Hausar kasuwa, kuma abin da zan faɗa ba shi da wuya.

Matan sun zauna a gindin mangwaron nan, maigari a gefe yana gyaran koma. Na tashi. Na fara magana ƙasa-ƙasa, wata tsohuwa ta ce, "Ɗaga, 'yar nan, kogi na ƙara." Na ce allurar da aka yi wa yaranku wancan zuwan, sanyi ya kashe ta a hanya, ni ce na shirya ta ba daidai ba. Ba za ta cuce su ba, amma ba za ta kare su ba. Mun zo mu sake. Aka yi ta magana da Dendi. Wata ta ce da Hausa, "Magani ma yana jin sanyi?" aka yi dariya kaɗan. Maigari ya ce shekara nawa ana zuwa, bai taɓa jin likita ya ce ya yi kuskure ba, bai san ko abin murna ba ne ko na tsoro.

Yawancinsu sun miƙo yaran. Wasu sun tafi kamun kifi da mazansu can ƙasan kogi, sai wani zuwan. Amma akwai wata Ajuma. Ta buɗe cinyar ɗanta ta nuna mini wani ƙullutu kamar ƙwallon goriba ƙarami, ya yi tauri. Ta ce kwana uku bai yi barci ba, mijinta ya yi mata faɗa don da ma bai so ba. Ta ce, "Wancan karon ma cewa kuka yi mai kyau ce." Na juya wajen Majo. Majo tana duba kumburin, ta ce zai baje, amma ba ta karɓi maganar daga bakina ba. Na ce wa Ajuma gaskiya ne, haka muka ce. Ta goya ɗanta ta tafi.

A hanyar dawowa ba wanda ya yi magana sai da muka hau tudu. Majo tana ɗaure akwatin a bayan babur ta ce ba za ta sa hannu a ƙarshen Yuni ba. Ta nemi lakwal su ƙara mini wata biyu, sun yarda. 'Yan ajinmu za su karɓi diflom ba ni. Ta ce yaran ƙauyen nan nawa ne har su gama allurarsu ta uku, har da waɗanda suka tafi kamun kifi, har da na Ajuma. Na ce in ta ƙi fa? Ta ce, "Sai ki koma. Ni akwai gidan da na yi shekara biyu ina zuwa."

Don haka ki yi wa ƙawarki godiya, Gwaggo. Ba zan zo ba. Ba wai na fi son nan ba ne, na gaji da garin nan har ƙashina. Inna kuma na gaya mata da kaina. Sai ta tambaya ko ina cin abinci.

Alhamis mai zuwa za mu koma. Malam Alfari ya ce mijin Ajuma yana dawowa daga kogi da hantsi, in ina so in same shi sai mu kama kwalekwalen farko. In Siddo zai taho, ki aiko mini da takalmin roba, lamba talatin da takwas. Gaɓar duk laka ce yanzu.

Ɗiyarki, Nuriya